Fitsarin Yaya ya koma ja bayan fara maganin tarin fuka, ya ce ya daina sha

Sanusi_Zariya2:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman waɗanda suka san magani su taimake ni. An gano yayana yana da tarin fuka bayan ya kwashe kusan wata biyu yana tari da zufar dare. An auna kakinsa, an ɗora shi a sikeli ya yi kilo 47, aka ba shi ƙwaya 3 kullum da safe, aka ce wata 6 zai yi. Jama'a sun yi yawa ranar, majo ya yi bayani a gurguje, mu kuma hankali a tashe, ba mu riƙe komai ba. Yau kwana 4 da farawa, fitsarinsa ya koma ja-ja, zuciyarsa tana tashi in ya sha, ya ce jini yake fitsara don haka ba zai ƙara sha ba. Wai me ya kamata a gaya wa mutum ranar da ya fara wannan magani? Wace alama ce ta a ci gaba, wace ce ta a tsaya?

Ɗan Gulbi Tela:
Allah ya ba shi lahiya. Ba jini ba ne, ni ma haka ya yi mini. Har rigar ciki ta canza launi saboda zufa. Ka ce ya ci gaba.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Wa alaikumus salam Sanusi. Allah ya ba Yaya lafiya. Ka kwantar masa da hankali, kada gobe ta wuce bai sha ba.

Kowace ƙwaya da aka ba shi magani huɗu ne a haɗe: rifamfisin, izoniyazid, firazinamid da etambutol. In ka duba kwalin za ka ga an rubuta RHZE. Rifamfisin shi kansa jan gari ne, kuma in jiki ya gama aiki da shi yana fita ta fitsari da zufa da hawaye da launinsa. Shi ya sa fitsarin ke zama ruwan goro. Za ku lura launin ya fi ƙarfi awoyi kaɗan bayan sha, zuwa dare ya dushe, gobe ya dawo. Haka zai yi ta yi har ƙarshen wata 6. Ni wannan ne farkon abin da nake faɗa kafin ma in miƙa magani, don mutum ya ji daga bakina kafin ya gani a bayan gida.

Tashin zuciya ma an saba gani a makonnin farko, yawanci yana lafawa. Ka gaya mini, da wane lokaci yake sha, kuma me yake ci kafin nan?

Sanusi_Zariya2:
Na gode Hajiya. Bayan sallar asuba yake sha, sai nan take ya bi da koko da ƙosai. Jiya da ciki ya dame shi na sayo masa farin ruwan nan na gyambon ciki ya haɗa.

Hajiya Rabi mai farmasi:
To, abu biyu za a gyara. Maganin ya fi shiga jini in ciki babu komai, musamman abinci mai maiƙo irin ƙosai yana rage shigarsa. Ya sha da ruwa in ya idar da asuba, ya yi lazimi, ya bari awa guda ta wuce, sannan ya karya. Idan tashin zuciyar ya hana, ya fara da ɗan koko kaɗan ba ƙosai, ko a mayar da shan dare, awa 2 bayan tuwo, ya kwanta barci ya wuce da shi. Gara a sha da ɗan abinci da a ƙi sha. Amma lokaci guda za a tsayar, kuma duka 3 tare, ba ɗaya safe ɗaya rana ɗaya dare ba.

Farin ruwan nan kuwa yana riƙe maganin a hanji ya hana shi shiga yadda ya kamata. In dole ne, a bar aƙalla awa 2 tsakaninsu.

Malam Issufu Tibiri:
Ni dai abin da na sani, wanga magani ƙarhi gare shi, ba a shan shi sai da nama da madara. Wanda bai da halin cin kaza kullum gara shi dakata har shi samu. Maƙwabcina haka ya yi.

Majo Laminu:
Malam Issufu, abinci yana da muhimmanci, nan kam ka yi gaskiya, mai tarin nan a rame yake zuwa. Amma batun a dakata, a'a. Ciwon ne ke cinye jikin yana kashe son abinci. In an fara magani, cikin sati 2 zuwa 3 mutum ke fara neman abinci da kansa. Wake, gyaɗa, fura da nono, zogale, ƙwai in ya samu, sun wadatar. Wanda ya jira kaza, huhunsa ne ke ci gaba da lalacewa, yana kuma shaƙa wa ƴaƴansa. Maganin kyauta ne a duk cibiyoyin da ke kula da tarin fuka a ƙasar nan, babu dalilin jinkiri.

Ummu Haidar:
Ku yi haƙuri zan yi tsawo. Na ga ana ta cewa jan fitsari ba komai, gaskiya ne, amma mu wannan maganar ce ta kusa ja mana asara.

Maigidana ya fara maganin lafiya lau, tari ya ragu, yana ci. A sati na 5 sai ya daina son abinci, ko ƙamshin miya ya ji sai amai. Ya yi ta kwanciya, yana cewa gefen cikinsa na dama ƙarƙashin haƙarƙari yana masa nauyi. Fitsarin ya yi duhu, muka ce ai an gaya mana zai canza. Muka ci gaba da ba shi. Ranar da surukata ta zo daga Madarunfa ta dube shi a tsakar gida ta ce wannan ai shawara ce, idonsa ya yi ɗorawa. Mu a ɗaki ba mu gani ba. Sai ta aiko da jiƙon sassaƙe, ya yi kwana 3 yana haɗawa da ƙwayoyin. Da ya fara magana ba kan gado, da dare muka ɗauke shi a adaidaita zuwa asibiti.

Aka ɗibi jini, lokotoro ya ce awon hanta ya ninka na ƙa'ida fiye da sau goma. Aka tsayar da duka maganin, aka hana jiƙon. Ashe yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba. Sai da ya yi kusan sati 3 ido ya washe, awon ya sauka, sannan aka dawo da maganin ɗaya bayan ɗaya, kowane a ba shi kwanaki a sake awo. Ɗaya daga ciki ba a mayar ba, shi ya sa maimakon wata 6 ya yi wata 9. Alhamdu lillahi ya warke, yana kasuwa yanzu. Amma don Allah masu ba da magani, in kun ce fitsari zai canza, ku ƙara da cewa akwai canjin da ba na lafiya ba.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Maman Haidar, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa maigida lafiya. Abin da kika faɗa shi ne gundarin maganar. Uku daga cikin huɗun nan suna iya taɓa hanta, kuma wanda ba a mayar masa ba kusan tabbas firazinamid ne, shi ya fi yi mata nauyi. Da yake shi ne ke taƙaita maganin zuwa wata 6, in an cire shi dole a ƙara watanni.

@Sanusi ga yadda za ku bambanta. Fitsarin magani ruwan goro ne mai haske, yana zuwa yana tafiya, mutum kuma garau yake, yana ci yana hira. Fitsarin hanta duhu ne kamar baƙin shayin da ya daɗe a wuta, safe da yamma ba ya washewa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Kafin ido ya nuna, mutum ya riga ya daina son abinci bayan da yana ci, ga kasala, ga amai da ba ya tsayawa, ga ciwo a gefen dama, wani lokaci bayan gida ya yi fari-fari. Duk safiya ku fito da shi hasken rana, ku ja fatar ido ƙasa ku dubi farin. Hasken ƙwan lantarki da na tocila suna ɓoye ɗorawa. In kun ga haka, kada ya sha na ranar, kada a ba shi komai na gargajiya, a kai shi a ranar. A asibiti ƙa'idar ita ce in awon hanta ya ninka sau 3 ga alamu, ko sau 5 ko babu alama, ana tsayarwa.

An fi ganin wannan a wata 2 na farko, kuma ya fi kama mai shan giya, da mai ciwon hanta tun asali, da tsofaffi, da wanda ya rame sosai. Duk wanda ya san ya taɓa yin shawara ya faɗa tun ranar farko.

Baba Na-Allah Bagalam:
Hajiya, ban yarda a zubar da na gargajiya duka ba. Kaka da kakanni da shi suka warkar da shawara tun ba a gina asibiti ba.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Baba, ba raini na yi ba. Shawarar da ake kamuwa da ita ta ruwa ko abinci sau da yawa da kanta take warkewa, da jiƙo ko babu. Wannan kuwa dalilinta yana hannun mutum, ƙwayar da yake haɗiya kowace safiya. Muddin bai tsaya ba babu sassaƙen da zai yi aiki, kuma duk abin da aka sha hantar nan da ta gaji ita za ta tace shi.

Baba Na-Allah Bagalam:
Na ji wannan. Amma na ƙarin jini da na buɗe ciki fa, waɗanda ba su da alaƙa da shawara? Ni ban ga laifinsu ba.

Majo Laminu:
Baba, matsalar ba mu san abin da ke cikin kowane ƙulli ba, kuma in ido ya yi ɗorawa ba za mu iya cewa wane ne ya jawo ba. Ni roƙona a ajiye su har a gama. Na san da yawa ba sa ajiyewa, to aƙalla su gaya mana.

Aisha_Ali Ɗan Sofo:
Ni tambayata daban. Yarona yana da fuka tun yana ƙarami, in sanyi ya shigo ƙirjinsa yana kuka sai an fesa masa abin shaƙa. Shi ma wannan na wata 6 ya kamata ya sha?

Majo Laminu:
A'a Malama Aisha, wannan asma ce, ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta, maganinta daban. Kada ki ba shi na kowa. Sai dai in tari ya wuce sati 2 da rama da zazzaɓin dare, nan a kai shi a auna.

Ɗan Gulbi Tela:
Ni abin da ya wahalshe ni gwiwa da kafaɗa. Wata na farko taka keken ɗinki ma da ƙyar. Sai tahin ƙafa ya riƙa zahi da dare, yana tsira-tsira. Na ɗauka sanyin ƙashi ne.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Malam Tela, abu biyu ne daban ka haɗa. Ciwon gaɓoɓi na firazinamid ne, yana tara wani gishiri a jini. Ba ya sa a tsayar da magani, a sha ruwa sosai, majo ya rubuta maganin ciwo, kuma yana tafiya in an shiga wata na 3 tunda a lokacin ake cire shi. Sai dai kada mutum ya riƙa saye a tebur yana zuba farasitamol ba lissafi, shi ma ta hanta yake bi.

Zafin tafin ƙafa da tsira-tsira na izoniyazid ne, yana rage bitamin B6 a jiki sai jijiyoyi su fara kuka. Wannan ba a haƙuri da shi. A faɗa da wuri a ba da B6 ɗin, don in an bari ya daɗe yana iya ƙin komawa daidai. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai ɗauke da sida da wanda ya rame sosai, ya kamata su fara shi tun ranar farko.

Tunda muna kai, bayan hanta akwai wasu da ake tsayawa a tafi asibiti ba jira: ƙuraje da suka bazu a jiki tare da zazzaɓi, ko baki da ido suka yi gyambo, haɓo ko jinin dasashi ko ɗigo-ɗigon jini ƙarƙashin fata, fitsari ya ragu sosai, da kuma gani. Etambutol yana iya taɓa jijiyar ido, ba da ciwo ba, sai dai mutum ya ga hazo ko ya kasa raba ja da kore. Ni nakan sa mutum ya rufe ido ɗaya ya karanta rubutun kwalin ko ya dubi launin tabarma, ya canza ɗayan, ya riƙa yin haka duk Juma'a. Ƙaiƙayi kaɗan ba ƙuraje ba zazzaɓi, wannan ana ba da magani a ci gaba.

Nura ɗalibi:
Hajiya, da izininki. Na lissafa, kowace ƙwaya tana da rifamfisin miligiram 150, guda 3 sun ba da 450, ga kilo 47 kusan 10 kenan a kowane kilo, daidai da abin da aka koya mana. Amma na ga sabon jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya yana ba mai kilo 35 zuwa ƙasa da 65 ƙwaya 4. To yayan Sanusi bai gaza ba?

Majo Laminu:
Jadawalin da muka daɗe muna aiki da shi, mai kilo 47 ƙwaya 3 ne, sai ya kai 55 ya koma 4, kuma mutane da yawa sun warke a kansa. Kowace ƙasa tana da littafin tsarinta, shi cibiya ke bi. Ɗana Nura, tambayarka mai kyau ce a aji, amma nan kada wani ya karanta ya ƙara wa kansa ƙwaya.

Nura ɗalibi:
Ban ce kowa ya ƙara ba Majo. Amma in an ga amfanin ɗagawa, ai ya kamata a yi maganar.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Ku duka kuna da hujja, kuma ba mu za mu yanke ta a nan ba. Abin da ya shafi Sanusi shi ne a riƙa ɗora Yaya a sikeli duk zuwa. Mutum yana iya ƙara kilo 6 ko 8 in ya fara murmurewa, in ya tsallaka iyaka a gyara adadin. Ana mantawa da wannan sosai.

Maman Biyu:
Akwai maganar da ba a cika gaya wa mata ba saboda kunya. Ina shan ƙwayar tazara ba fashi lokacin da aka ɗora ni kan maganin tari. Babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban san da haɗi ba. A wata na 4 sai ga ciki, ga goyo ɗan wata 11, ga jiki ba ƙarfi. Allah ya raya mini su, amma na sha wuya.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Sannu ƙanwata. Rifamfisin yana sa hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, ƙwayar tazara tana ciki, haka robar da ake sawa a dantse. Allurar wata 3 da wadda ake sawa a mahaifa su ba ya rage musu ƙarfi. Kuma ko an gama, sai an ƙara wata guda kafin a dogara da ƙwayar. Ni nakan sallami ɗan rakiya in tambayi mace ita kaɗai. Wadda ciki ya samu kada ta tsaya, maganin nan huɗu ana sha da ciki, ana shayarwa da shi.

Wannan dalilin ne ya sa mai shan maganin sida irin na yanzu, mai dolutegirabir, ake ƙara masa ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 bayan awa 12. Mai ciwon suga ma wasu ƙwayoyinsa suna rage ƙarfi, sai a yawaita awo. Shi ya sa nake cewa a zo da ledar magungunan gida gaba ɗaya in gani da idona.

Sanusi_Zariya2:
Na karanta masa duka, mun fito da shi rana, ido fari tas. Ya sha na yau, ya jira awa guda, tashin zuciyar da sauƙi. Sai wata sabuwa. Yaya yana kai wake da jan wake Jibiya da Katsina, wani zuwan sai ya yi kwana 10. Ya ce da zarar tari ya tsaya zai koma hanya, wai in ya ji sauƙi me zai sa ya yi ta haɗiyar ƙwaya wata 6. Kuma shekaran jiya ya yi amai bayan ya sha, ba mu san ko a sake ba.

Majo Laminu:
Nan ne muke rasa mutane, ba a satin farko ba. Wajen ƙarshen wata na 2, tari ya tafi, jiki ya dawo, ga damina ko kasuwa na kira.

Ka gaya masa haka. Ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa da sauri su ke mutuwa da farko, su ne ke sa tari da zazzaɓi, shi ya sa yake jin sauƙi. Akwai wasu da ke lafe a cikin huhu, ba sa motsi sai jefi-jefi, magani kuma ba ya kama su sai sun motsa. Wata 4 na baya, da ake komawa ƙwaya mai magani biyu, domin su ne. Wanda ya tsaya a wata na 2 su ne za su tashi. Wanda kuma yake sha yau ya bari gobe, yana ba cutar damar saba wa maganin, a wayi gari rifamfisin ba ya kama ta. Wannan tarin mai taurin kai ana maganinsa a Nijar, tun 2008 aka fara gajeren tsarinsa a ƙasar nan, amma ƙwayoyinsa sun fi yawa, sun fi wahalar da jiki, awonsa ya fi yawa. Kuma in ya shaƙa wa iyali, irin mai taurin kan za su ɗauka.

Za a sake awon kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. Awon ne ke cewa an warke, ba jin daɗin jiki ba. Wanda ya ɓace wata 2 a jere, in ya dawo sai an sake awo daga farko a ga ko maganin yana kama cutar.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Batun amai: in ya zo cikin rabin awa, ko kun ga ƙwayoyin a ciki, ya huta kaɗan ya sake sha, ku gaya wa majo don a cike gurbin. In an daɗe, ya riga ya shiga. In amai ya zama kullum, a koma asibiti. In ya manta da safe ya tuna da la'asar, ya sha a lokacin. In sai gobe ya tuna, ya sha na goben kawai, ba a ninkawa, a sa alama a kati a faɗa.

Kai Sanusi kai ne mai sa ido. Kada ka tambaye shi ko ya sha, ka tsaya ya haɗiye a gabanka, ka yi alama a katin. Duk Juma'a ka ƙirga ramukan da aka ɓalle a fallen, ya zama 21 a sati. Kada a ɓalle ƙwaya a ƙulle a leda, tana jan danshi ta lalace. A ajiye a inuwa cikin ɗaki, ba aljihun mota ko ƙarƙashin kujerar babur ba, ka san zafin Afrilu a garin nan.

Alhaji Ɗan Isa Direba:
Ni a ganina ku ke sa mutane gudu. Mutum ɗan kasuwa, ku ce ya zo kullum ko duk sati ya bi layi, ya biya kabu-kabu zuwa da dawowa. Ku ba shi na wata 6 gaba ɗaya mana, ai ba yaro ba ne.

Majo Laminu:
Alhaji, kuɗin kabu-kabu da ranar kasuwa da ake rasawa gaskiya ne, ban musa ba. Amma mutumin da ya tafi da na wata 6, wa zai dubi idonsa a sati na 5 irin na mijin Ummu Haidar? Wa zai ɗora shi a sikeli? Abin da ake yi, mutum ya faɗa kafin ya tafi, ba bayan ya dawo ba. Ana iya ba shi na kwanakin tafiyar a hannun wanda zai sa ido, in kuma zama zai yi wani gari a rubuta masa takardar canjin cibiya. Yayan Sanusi dai ya haƙura da hanya aƙalla sati 2 na farko, lokacin ne ya fi yaɗawa, a mota kuwa gilashi a rufe.

Alhaji Ɗan Isa Direba:
Faɗa da sauƙi. Ba kowane ma'aikaci ke yarda ya ba da na kwana 10 ba, wani sai ya ce ƙa'ida ta hana. Ni na ga wanda aka hana, ya yi tafiyarsa hannu wofi.

Majo Laminu:
Yana faruwa, kuma bai kamata a rabu a haka ba. In an ƙi, a nemi shugaban cibiyar a zauna. Amma a wata 2 na farko ni ma nakan yi jinkirin sakin magani da yawa.

Inna Hadiza Mokoyo:
Ɗana Sanusi, ku ware mishi kwano da moɗa, kada yara su ci saura nai.

Hajiya Rabi mai farmasi:
Inna, ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ba. Ware kwano yana sa mutum ya ji an ƙyamace shi, wasu har su ɓoye maganin su daina zuwa karɓa. A buɗe taga, ya yawaita zama a waje, ya rufe baki da ƙyalle in zai yi tari, ya kwana daban da yara a makonnin farko. Sanusi, akwai ƙananan yara a gidan?

Sanusi_Zariya2:
Akwai biyu Hajiya, ƴar shekara 3 da ɗan wata 8, ɗaki ɗaya suke kwana da shi. Matarsa ma tana ɗan tari amma ta ce hazo ne.

Majo Laminu:
Ku zo da su ukun gobe, kada ku jira ranar karɓar magani. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 ko lafiyarsu ƙalau ana duba su a ba su na rigakafi, don su in ta kama su tana iya hawa ƙwaƙwalwa. Matar kuma a karɓi kakinta. Ku zo da katinsa.

Ɗan Gulbi Tela:
To azumi fa? Ni nawa bai haɗu da shi ba, amma na yayan Sanusi in ya kai can ya za a yi?

Hajiya Rabi mai farmasi:
Sau ɗaya ake sha a yini, don haka ana iya mayar da shi dare, awa 2 bayan buɗa baki, ko awa guda kafin sahur. Ko zai iya azumin kuwa, ya danganta da ƙarfin jikinsa a lokacin, ya tambayi lokotoro ya tambayi malaminsa, marar lafiya yana da rangwame.

Sanusi_Zariya2:
Gobe da sassafe za mu kai yaran in sha Allah. Batun tafiya har yanzu muna ja, ya ce sati 2 zai iya, fiye da haka abokan ciniki za su koma wajen wani. Majo, in ni na karɓi kayan na riƙa kai masa Jibiya, wa zai tsaya masa a kan maganin ranakun da ba na nan? Matarsa ba ta iya matsa masa.

Ummu Haidar:
Mahaifiyarku tana kusa? Mu surukata ce ta riƙe katin bayan abin da ya faru, kuma bai taɓa yi mata gardama ba.

Sanusi_Zariya2:
Tana Gidan Rumji. Bari in kira ta da dare in ji ko za ta iya zuwa ta zauna wata 2.